Ƙarin farashi da kuɗin ciniki: abin da lissafin tsakiya ke nunawa

A ce wata mata tana sayar da kunun aya a bakin wata ma'aikata, gora ɗaya naira 400, kuma kullum gora 100 take sayarwa. Aya ta yi tsada, dabino ya yi tsada, ƙanƙara kuwa ba a magana, sai ta mai da gora naira 500. Da kasuwa ta lafa, ciniki ya tsaya a gora 80 a rana. Tana da 'ya'ya biyu masu karatun tattalin arziki, sai ta tambaye su ko masu sayen kununta irin mutanen da farashi ke kora ne.

Babban ya ce, "Umma, kin ƙara naira 100 a kan 400, wato kashi 25 cikin 100. Ciniki ya ragu da gora 20 daga 100, wato kashi 20. Idan aka raba 20 da 25 za a sami 0.8, bai kai 1 ba. Mutanenki ba su damu da farashi sosai ba." Ƙanwarsa ta ce, "Yaya, ai idan Umma ta koma 400 gobe, ta rage naira 100 daga 500 ke nan, kashi 20. Ciniki zai tashi daga 80 zuwa 100, kashi 25. Raba 25 da 20 ka gani, 1.25 ne, ya haura 1. Suna jin farashi ƙwarai."

Babu wanda ya yi kuskuren lissafi a cikinsu. Farashi biyun nan su ne dai, yawan gorunan ma su ne, masu saye ba su canza ba, amma an sami amsa biyu masu karo da juna, ɗaya ƙasa da 1, ɗaya sama da 1. Wannan matsalar ce lissafin tsakiya ya zo ya warware, kuma a wajen warware ta ya yi wani aikin da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba, wanda a ganina ya fi na farkon amfani.

Me ake aunawa?

Kowa ya san idan kaya ya yi tsada masu saye suna ja da baya. Tambayar da ta rage ita ce: da yaya suke ja? Ma'aunin da ke amsa wannan shi ne wanda ɗalibai suka sani da ilastisiti, kuma masanin nan na Jami'ar Cambridge, Alfred Marshall, shi ya fito da shi fili a littafinsa na ƙa'idojin tattalin arziki a 1890. A nan za mu kira shi ma'aunin jin farashi. Ana raba kason da yawan kayan da ake saye ya canza da kason da farashi ya canza. Idan amsar ta haura 1, buƙatar tana jin farashi: ɗan motsi kaɗan, masu saye sun watse ko sun yi dafifi. Idan ba ta kai 1 ba, buƙatar ba ta jin farashi sosai: a ƙara ko a rage, mutane na nan kusan yadda suke.

Dalilin amfani da kaso maimakon naira da gora a fili yake. Ƙarin naira 100 a kan gorar kunu babban abu ne, a kan buhun shinkafa kuwa ko lura ba za a yi ba. Kaso ne yake ba mu damar ajiye kunu da shinkafa da man fetur a kan ma'auni ɗaya. Amma kaso kullum na wani abu ne, dole a tambaya kashi nawa na me. Babban yayan ya auna da inda aka taso, wato 400 da 100. Ƙanwar ma ta auna da inda aka taso, sai dai ita tafiyarta ta faro daga 500 da 80. Tazarar da ke tsakanin Kano da Zariya ba ta canzawa don ka taso daga wannan ko wancan, amma a wannan lissafin sai ga shi ta canza.

Lissafin tsakiya cewa ya yi kada a auna da mafari, kada a auna da maƙura, a auna da tsakiyarsu. Tsakiyar 400 da 500 ita ce 450. Tsakiyar 100 da 80 ita ce 90. Canjin farashi sai ya zama 100 a raba da 450, wato kashi 22.2. Canjin yawa ya zama 20 a raba da 90, shi ma kashi 22.2. Ma'aunin ya tashi 1 cif, ko daga sama aka gangaro ko daga ƙasa aka hau, domin tsakiyar ba ta san daga ina aka fito ba. A littattafai haka ake rubuta shi, inda P ke nufin farashi, Q kuma yawan kaya:

```
%Q = (Q2 − Q1) ÷ [(Q1 + Q2) ÷ 2]
%P = (P2 − P1) ÷ [(P1 + P2) ÷ 2]
E  = %Q ÷ %P
```

Masanin lissafi da tattalin arziki R. G. D. Allen na Makarantar Tattalin Arziki ta Landan ya yi rubutu a kan wannan hanyar a 1934, kuma ita ce littattafan shekarar farko na jami'a da dama suke koyarwa yau. Tun da farashi da yawan saye hannun riga suke yi, amsar kan fito da alamar ragi a gabanta. Al'ada ita ce a ajiye alamar a dubi girman lambar kawai.

Yanzu a duba kuɗin da matar ke tashi da shi. Gora 100 a kan 400 naira 40,000 ne. Gora 80 a kan 500 ma naira 40,000 ne. Ko kwabo bai motsa ba. Ƙa'idar da ake koyarwa ta ce idan ma'aunin ya tsaya a kan 1, canjin farashi ba ya taɓa jimillar ciniki. Daga cikin amsoshi ukun nan, 0.8 da 1.25 da 1, ta tsakiyar ce kaɗai ta yi daidai da kuɗin da ke cikin jakar matar.

Inda tsohuwar hanya ke yaudara

Ƙa'idar jimillar ciniki ba ta da wuya. Jimillar ciniki farashi ne sau yawan abin da aka sayar. Idan aka ƙara farashi, abu biyu ne ke ja-in-ja: kowace gora tana kawo kuɗi fiye da da, amma gorunan sun ragu. Wanda ya fi ƙarfi shi ke rinjaye. Idan buƙata ba ta jin farashi, ƙarin ya rinjayi raguwar, ciniki ya hau. Idan tana jin farashi, raguwar ta rinjaya, ciniki ya sauka. Da gora 90 matar ta koma sayarwa a kan 500, canjin yawa zai zama 10 a raba da 95, kashi 10.5, ma'aunin kuma 0.47, kuɗinta ya tashi zuwa 45,000. Da gora 60 ta koma, 40 a raba da 80 kashi 50 ne, ma'aunin 2.25, kuɗin ya faɗi zuwa 30,000. A irin waɗannan, ko da wace hanya aka bi za a gane inda aka dosa.

Rikicin yana kusa da 1. A ce gora 78 ta koma sayarwa. Mai bin hanyar mafari zai ce farashi ya hau da kashi 25, yawa ya sauka da kashi 22, ma'aunin 0.88 ne, saboda haka buƙata ba ta jin farashi, ciniki zai ƙaru. Sai a ƙirga kuɗi: 78 sau 500 naira 39,000 ne. Ciniki ya ragu da 1,000. Lissafi ya ce gabas, jaka ta ce yamma. Da hanyar tsakiya kuwa, 22 a raba da 89 kashi 24.7 ne, a raba shi da 22.2 a sami 1.11. Ya haura 1, wato ƙarin farashi zai rage ciniki, kuma haka aka gani.

Ina hanyar mafari ta yi tuntuɓe? Ta ɗauka cewa ƙarin naira 100 za a karɓe shi a kan dukkan gora 100, wato ribar 10,000. Ta ɗauka kuma asarar ita ce gora 22 a kan tsohon farashi, 8,800. Sai ta ga rarar 1,200. Abin da ta manta shi ne, mutum 22 da suka daina saye ba za su biya ƙarin ba, sun tafi. Wannan naira 2,200 ce da aka ƙirga alhali ba ta shigo ba. A cire ta daga 1,200 a ga asarar 1,000 ta fito sarari.

Hanyar tsakiya ba ta yin wannan mantuwar, kuma ba sa'a ba ce. Canjin jimillar ciniki a kullum daidai yake da abu biyu a haɗe: tsakiyar farashi sau canjin yawa, da tsakiyar yawa sau canjin farashi. A gwada: 450 sau gora 22 da aka rasa, asarar 9,900. Sai 89 sau naira 100 da aka ƙara, samun 8,900. Bambancinsu asarar 1,000, daidai da abin da aka ƙirga, ba ƙiyasi ba. Ma'aunin tsakiya kuwa ba komai ba ne illa 9,900 a raba da 8,900, wato 1.11 ɗin nan. Saboda haka ba zai taɓa yiwuwa ma'aunin tsakiya ya haura 1 sannan ƙarin farashi ya ƙara ciniki tsakanin farashi biyun da aka auna ba, ko ya gaza 1 sannan ciniki ya ragu. Tambayar ma'auni da tambayar ciniki tambaya ɗaya ce aka yi ta fuska biyu. Ina ganin da nan ya kamata malamai su riƙa fara bayani, maimakon a bar ɗalibi yana haddace ƙa'ida biyu kamar ba su san juna ba.

Idan canjin ƙarami ne, kamar daga 400 zuwa 404, duk hanyoyin kusan amsa ɗaya suke bayarwa, domin mafari da tsakiya sun kusa haɗewa. Sai canji ya yi girma ake ganin baraka. A ƙasashen da farashi ke rarrafe wannan ƙaramin zance ne. A kasuwanninmu, inda kaya kan yi tsalle da rubu'i ko rabi cikin wata guda, babban zance ne.

A ɗakin jarrabawa

Tambayoyin da ke haɗa ma'aunin da jimillar ciniki sukan zo a juye. Misali, a ce mai gidan kallon ƙwallo ya ƙara kuɗin shiga daga naira 200 zuwa 300, kuɗin da yake tarawa a dare ya tashi daga 24,000 zuwa 27,000, a nemi ma'aunin. Ba a ba da yawan mutane ba, amma yana ɓoye a ciki: 24,000 a raba da 200 mutum 120 ne, 27,000 a raba da 300 mutum 90. Canjin yawa 30 a raba da 105, kashi 28.6. Canjin farashi 100 a raba da 250, kashi 40. Amsa 0.71. Tun kafin a ɗora alƙalami a takarda ma ana iya sanin ba za ta kai 1 ba, domin farashi da ciniki hanya ɗaya suka bi, dukansu sama. Da sun raba hanya, da amsar ta haura 1. Ɗalibin da ya sami 1.4 a wannan tambayar, to ya kifar da lissafin ne, ya ɗora farashi a sama, yawa a ƙasa, kuma duba kuɗin cinikin kaɗai ya isa ya farkar da shi.

Akwai gajeriyar hanya. Tun da ana raba sama da 2 ana raba ƙasa da 2, biyun suna cinye juna, sai a yi aiki da jimilla kawai: 30 a kan 210, a raba da 100 a kan 500. Amsar ba ta canza ba, kuma an rage wurin yin kuskure. Wani tarkon shi ne alamar ragi. Wanda ya bar ta zai iya cewa ragi 2.25 ya gaza ragi 0.47, wanda gaskiya ne a ilimin lissafi, sai ya yanke cewa na farkon ne ba ya jin farashi, alhali shi ne ya fi ji. Sannan a karanta tambaya da kyau. Littattafan sakandare da yawa da hanyar mafari suke aiki, kuma idan ita mai tambaya yake nufi, ita za a ba shi. Abin da ake so shi ne ɗalibi ya san iyakarta.

Kaya ɗaya, ma'auni daban-daban

Ana yawan cewa kaya kaza yana jin farashi, kaya kaza ba ya ji, kamar hali ne da aka halicce shi da shi. Ba haka abin yake ba. A ce masu sayen kunun nan suna bin tsari miƙaƙƙe: duk ƙarin naira 100 yana korar gora 20, ko daga ina aka fara. A kan 200 za a sayar da 140, a kan 300 a sayar da 120. Ma'aunin tsakiya a nan 20 a kan 130 ne a raba da 100 a kan 250, wato 0.38, kuma ciniki ya hau daga 28,000 zuwa 36,000. A can sama kuwa, a kan 600 za a sayar da 60, a kan 700 a sayar da 40. Ma'aunin ya zama 20 a kan 50 a raba da 100 a kan 650, wato 2.6, ciniki ya faɗi daga 36,000 zuwa 28,000. Kunun bai canza ba, naira 100 ɗin ce dai, gora 20 ɗin ce dai. Abin da ya canza shi ne, a ƙasa naira 100 babban kaso ne na farashi, gora 20 kuma ƙaramin kaso ne na ciniki, a sama kuwa abin ya juye.

Wannan ya nuna cewa ciniki yana hawa da farashi har ya kai ƙololuwa, sannan ya fara gangarowa. A misalinmu ƙololuwar tana kan naira 450, inda za a sayar da gora 90 a tashi da 40,500. A nan ne kuma iyakar lissafin tsakiya ta bayyana. Ya ce mana tsakanin 400 da 500 ma'aunin 1 ne, ciniki bai canza ba, kuma gaskiya ya faɗa game da bakin nan biyu. Amma bai faɗa mana cewa a tsakaninsu ciniki ya hau ya sauko ba. Amsa ɗaya yake bayarwa ga dukkan tazarar, kuma duk yadda tazarar ta faɗaɗa, haka abin da yake rufewa yake yawa. Ma'aunin da aka samo tsakanin 200 da 300 ba a ɗaukarsa a yi hukunci da shi a kan 600.

Ciniki ba riba ba ne

Duk ɗan kasuwa ya san wannan, amma takardar jarrabawa takan sa a manta. Matar nan da cinikinta ya tsaya a 40,000, shin ƙarin bai amfane ta da komai ba ke nan? A ce kowace gora tana cin naira 250 tsakanin aya, dabino, kwakwa, niƙa, ƙanƙara da gorar kanta. A kan 400 tana samun 150 sau 100, naira 15,000. A kan 500 tana samun 250 sau 80, naira 20,000. Ta ƙaru da 5,000, ga aiki ya ragu. Ko a lokacin da ta koma gora 78, ciniki ya sauka zuwa 39,000, ribarta 19,500 ce, ta fi ta da nesa ba kusa ba.

Idan aka bi tsarin miƙaƙƙen nan, ribarta ta fi yawa a wajen naira 575, inda za ta sayar da gora 65 kacal, ciniki ya sauka zuwa 37,375, riba kuma ta haura 21,000. Wato mai neman riba, muddin yana da ikon yanka farashinsa, ba ya tsayawa inda buƙata ba ta jin farashi, domin a can duk ƙarin da ya yi yana kawo kuɗi yana kuma rage kashewa. Sai ya ci gaba da hawa har ya shiga inda ma'aunin ya haura 1. Ƙa'idar jimillar ciniki tana zama ƙa'idar riba ne kawai inda ƙarin mutum ɗaya ba ya jawo ƙarin kashewa, kamar gidan kallon da ke da kujeru a banza kuma janareto zai sha mai iri ɗaya ko mutum 90 ne ko 120.

Man fetur, 2023

A bar misalin ƙirƙira a dubi wanda kowa a Najeriya ya ji a jikinsa. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar a jawabinsa na rantsuwa cewa tallafin mai ya ƙare. Cikin kwana biyu kamfanin NNPC ya sauya farashi, lita ta tashi daga wajen naira 195 zuwa wajen 540 a Abuja da Kano, Legas ta ɗan gaza haka, Maiduguri ta ɗan haura. Alƙaluman da hukumar NMDPRA ta fitar sun nuna man da ake fitarwa a rana ya sauka daga wajen lita miliyan 66 a watan Mayu zuwa wajen miliyan 49 a watan Yuni.

Da hanyar mafari, farashi ya hau da kashi 177, yawa ya sauka da kashi 26, ma'aunin kusan 0.15. Idan aka lissafa a juye, farashi ya bambanta da kashi 64, yawa da kashi 35, ma'aunin kusan 0.54. Amsa ɗaya ta ninka ɗaya fiye da sau uku. Da hanyar tsakiya, 17 a kan 57.5 kusan kashi 30 ne, 345 a kan 367.5 kusan kashi 94, ma'aunin kuma wajen 0.3. Bai kai 1 ba, don haka kuɗin da masu saye ke zubawa dole ya ƙaru, kuma ya ƙaru: daga wajen naira biliyan 13 a rana zuwa wajen biliyan 26. An sayi mai ƙasa da na da, an biya ninki biyu. Jimillar cinikin mai sayarwa ita ce jimillar kashewar mai saye, shi ya sa wannan lambar ta 0.3 take bayyana dalilin da kuɗin cefane ya ragu a gidaje da yawa. Mai adaidaita sahu ba shi da abin da zai zuba a tanki in ba fetur ba.

Sai dai a riƙe lambar da taka-tsantsan. Alƙaluman na man da tankoki suka ɗauko daga defo ne, ba na wanda ya shiga tankin mota a cikin ƙasa ba. Kafin cire tallafi ana fasa-ƙwaurin mai zuwa Nijar da Benin da Kamaru saboda arharsa, kuma da farashi ya tashi ribar wannan harkar ta ragu. Wani ɓangare na lita miliyan 17 ɗin na masu tsallaka iyaka ne, waɗanda suke jin farashi ƙwarai. Ma'aunin direban cikin gari zai gaza 0.3 ke nan. Ga kuma batun lokaci. Wata guda bai isa mutum ya sayar da babbar mota ya sayi ƙarama ba, ko ya mai da injinsa mai aiki da gas, ko ya ɗora sola a shago. Ma'aunin wata ɗaya kusan kullum yakan gaza na shekara uku, saboda haka mai sayarwar da ya ga ciniki ya hau bayan ƙari yana iya ganin ya zube daga baya.

Babban sharaɗin duk wannan lissafi shi ne cewa farashin kayan ne kaɗai ya motsa. Mai kunun aya da ta ƙara kuɗi ana gobe azumi a tsakiyar zafi za ta iya ganin ciniki ya ƙaru, farashi sama, gora sama. Duk lokacin da lissafi ya nuna haka, ba wai masu saye sun fi son tsada ba ne, buƙatar ce gaba ɗaya ta tashi saboda wani dalili, kuma lambar da aka samu ba ta auna komai ba. Hauhawar farashi ma tana ɓata lissafi. Idan komai a kasuwa ya hau da kashi 25, kunu ma ya hau da kashi 25, to idan aka gwada shi da zoɓo da fura da lemon kwalba bai yi tsada ba.

Manomi ɗaya da manoma duka

Tun kafin Marshall an lura da wannan alaƙar a kasuwar hatsi. A 1699 Charles Davenant ya wallafa wani ƙiyasi a Ingila, wanda ake dangantawa da Gregory King, cewa idan amfanin gona ya gaza da kashi 10, farashin hatsi yakan hau da kashi 30. A sa shi a ma'aunin tsakiya: 10 a kan 95, a raba da 30 a kan 115, amsa 0.4. Manoma a dunƙule sun sayar da buhu 90 maimakon 100, amma a farashin 130 maimakon 100, kuɗinsu ya ƙaru da kashi 17. A juya lissafin, tun da hanyar tsakiya ta yarda a juya: shekarar da damina ta yi albarka, hatsi ya cika kasuwa, kuɗin manoma a dunƙule yana iya raguwa. Wanda ya taɓa ganin kwandunan tumatir jibge a Kadawa ko Kura lokacin da kowa ya ɗebe a mako ɗaya ya san wannan ba labarin Ingila kaɗai ba ne.

Amma kada wani manomi ya ji haka ya ce bari ya rage shuka ko ya tsauwala farashi. Ma'aunin 0.4 na hatsi ne gaba ɗaya, abin da mutane ba za su iya bari ba. Buhun mutum ɗaya a Dawanau kuwa yana da dubban 'yan'uwa a gefensa, iri ɗaya, farashi ɗaya. Idan shi kaɗai ya ɗora naira 2,000 a kan buhu, mai saye zai matsa rumfa ta gaba ne kawai. Buƙatar gero ba ta jin farashi sosai, buƙatar geron Malam wane kuwa tana ji matuƙa. Kafin a raba wata lamba da wata, sai an fara sanin cinikin wa ake tambaya, na kasuwar duka ko na rumfa ɗaya a cikinta.